Kare Kundin Digiri na Biyu a Fannin Kimiyyar Noman Amfanin Gona: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi su ne waɗanda ɗaliban da suka kammala gwajin gona suke yawan kawowa idan ranar kare kundi ta matso. Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, an ɗauki misalin gwaji ɗaya ana komawa gare shi: ɗalibi ya gwada naitirojin a matakai huɗu, wato kilo 0, 40, 80 da 120 a hekta, a kan irin masara uku, da maimaici uku, a damina biyu, a gonar gwaji ta Samaru kusa da Zariya. Alƙaluman amfanin da za a ambata na misali ne, an zaɓe su don a nuna yadda ake lissafi da yadda ake amsawa.

1. Mene ne ainihin abin da kwamitin yake son ganowa a ranar kare kundi?

Mai jarrabawa na waje ya riga ya karanta kundin kafin ya zo, sau da yawa ma ya cika gefen shafukan da rubutu, don haka ba sakamakon binciken yake jiran ji ba. Abin da yake son tabbatarwa shi ne ko ɗalibin nan shi ya yi aikin da hannunsa, ko zai iya bin kowace lamba daga kunyar da aka girbe har zuwa jadawalin da aka rubuta ta, da kuma ko ya san iyakar abin da gwajinsa zai iya tabbatarwa. Yawancin tambayoyin da ke ƙasa ɗaya daga cikin waɗannan uku suke nema, ko da an sa musu wata riga daban.

2. Ta yaya ya kamata a yi shiri a makonnin ƙarshe?

Littafin da aka rubuta awo a gona ya fi kundin kansa muhimmanci a wannan lokaci. Ɗalibi ya zauna da shi, ya ɗauki fuloti ɗaya, ya sake lissafa amfaninsa da hannu kamar yadda aka nuna a tambaya ta 6, sannan ya duba ko lambar ta yi daidai da wadda ya shigar a kwamfuta. Ya sake zana taswirar gonar daga kansa: inda kowane rukuni yake, inda gangara ta nufa, faɗin hanyar da ke tsakanin fuloti. Ya kuma riƙe ranakun shuka, na zuba taki, na noman fari da maimai, da na girbi a kowace damina, domin tambaya ce mai sauƙi wadda wanda bai je gona ba yake tuntuɓe a kanta.

Bayan haka sai ya gabatar a gaban abokan karatunsa da agogo a hannu, ya roƙe su su katse shi da tambayoyi. Tsawon lokacin gabatarwa ya bambanta daga sashe zuwa sashe, saboda haka a tambayi mai duba aiki tun da wuri, a kuma bar mafi yawan lokacin ga sakamako, ba ga tarihin masara a duniya ba.

3. Idan aka ce "Me ya sa ka zaɓi wannan tsarin gwaji?" me zan ce?

A misalinmu an raba kowane rukuni zuwa manyan fuloti huɗu na naitirojin, sannan aka raba kowane babban fuloti gida uku don irin masara. Dalilin da za a bayar na gona ne kafin ya zama na lissafi. Naitirojin yana bin ruwa, kuma saiwar masarar da ke bakin fuloti tana iya cin takin maƙwabciyarta, don haka ya fi aminci a ba kowane matakin taki fili mai girma da tazara a tsakani. Amsa mai natsuwa za ta iya zama kamar haka: "Ranka ya daɗe, na sa naitirojin a babban fuloti ne don in rage kwararar taki daga wannan fuloti zuwa wancan. Na san cewa hakan ya rage mini ƙarfin gano bambanci tsakanin matakan naitirojin, amma ya ƙara mini ƙarfi wajen kwatanta iri da kuma ganin yadda iri da taki suke cuɗanya, wanda shi ne babbar manufar aikin."

Jimla ta biyu ita ce ke nuna fahimta, domin duk wani tsari yana da abin da yake sayarwa don ya sayi wani. Za a iya ci gaba da tambayar yadda aka jera rukunan. Amsar ita ce kowane rukuni an shimfiɗa shi a kan ƙasa mai kama da juna, yana gitta gangara, ta yadda bambancin ƙasar tudu da ta gangare zai faɗa tsakanin rukunai, ba cikin rukuni ɗaya ba. An kuma yi ƙuri'a sau biyu: ɗaya don raba matakan taki ga manyan fuloti a kowane rukuni, ɗaya don raba iri a cikin kowane babban fuloti.

4. Za a iya sa ni in zana jadawalin nazarin bambanci a allo?

Ana yin haka, kuma bai kamata ya firgita kowa ba, domin abin da ake nema shi ne tushen bambanci da lambobin da ke ƙarƙashin df kawai. A damina ɗaya akwai fuloti 36, jimillar df ke nan 35. Rukuni yana da 2, naitirojin 3, kuskuren babban fuloti 6, iri 2, cuɗanyar naitirojin da iri 6, kuskuren ƙaramin fuloti kuma 16. Abin da mai jarrabawa yake dubawa shi ne ko ɗalibi ya san akwai kuskure biyu, kuma da na farko ake gwada naitirojin, da na biyu ake gwada iri da cuɗanya.

Kuskuren da aka fi samu shi ne a shuka gwaji a wannan tsari amma a ba kwamfuta umarni kamar duk fuloti 36 a ƙuri'a ɗaya aka raba su. Alamar hakan ita ce a ga layin kuskure guda ɗaya mai 22 a jadawalin. Wanda ya yi amfani da R zai iya duba ko umarninsa ya yi kama da wannan, bayan ya tabbatar an ɗauki N da rep a matsayin factor, ba lambobin awo ba:

```
aov(yield ~ N * variety + Error(rep/N), data = d)
```

Idan aka gano wannan kuskure kafin ranar, a gaya wa mai duba aiki a sake nazarin. Idan a zauren aka nuna shi, a duba tambaya ta 12.

5. Yaya ake amsa tambaya a kan yawan takin da aka zuba wa kowane fuloti?

Da lissafi, a fili. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin ɗari, saboda haka kilo 120 na naitirojin yana buƙatar kusan kilo 261 na yuriya a hekta. Idan fuloti kunya shida ne masu tsawon mita 4, da tazarar santimita 75, faɗinsa murabba'in mita 18 ne, rabonsa kuwa kusan giram 470, wanda aka raba biyu: rabi bayan mako biyu da shuka, rabi a wajen mako na shida. Dalilin rabawar shi ne ƙaramar yabanya ba ta iya cinye taki mai yawa, ruwan sama zai wanke saura zuwa ƙasa, kuma yuriyar da aka bari a sarari ba a binne ba wani ɓangarenta yana tashi a iska.

Akwai tarko a nan wanda ya kamata kowa ya sani. Idan ɗalibi ya ce ya zuba NPK 15-15-15 ga duk fuloti a farko, to fulotin da ya kira "babu naitirojin" ya sami naitirojin, kuma duk kwatancen da aka gina a kansa ya karkace. Hanyar da ta dace ita ce a ba duk fuloti fosfaros da fotash daga takin da ba shi da naitirojin, kamar sufa da takin fotash zalla, sannan a bambanta su da yuriya kaɗai.

6. Ta yaya aka mayar da nauyin fuloti zuwa tan a hekta?

Ba dukan faɗin fuloti ake girbewa ba. Ana barin kunya ɗaya a kowane gefe da rabin mita a kowane ƙarshe, domin masarar baki tana samun haske da fili fiye da ta tsakiya. A misalinmu abin da ya rage kunya huɗu ne masu tsawon mita 3, wato murabba'in mita 9. A ce an ɓare tsabar daga totuwa an auna ta kai kilo 4.2, na'urar awon laima kuma ta nuna kashi 20. Sai a daidaita nauyin zuwa laima kashi 15 kafin a kai shi hekta:

```
4.2 × (100 − 20) / (100 − 15) × 10000 / 9 = 4392 kg/ha
```

Wato kusan tan 4.4. Idan aka tambayi dalilin daidaita laima, amsar ita ce irin da ke daɗewa kafin ya nuna yana zuwa girbi da ruwa a jikinsa fiye da mai saurin nuna, kuma in ba a daidaita ba za a yaba masa da nauyin ruwa. Ana kuma iya tambayar yawan tsiro a hekta: tazarar santimita 75 da 25, tsiro ɗaya a rami, tana ba da 53,333. Ya kamata a san adadin da ya rage a tsaye ranar girbi, domin fulotin da ya rasa tsiro da yawa zai nuna ƙarancin amfani wanda ba ruwansa da taki.

7. Sakamakona ya nuna babu bambanci tsakanin kilo 80 da 120. Wannan ba rauni ba ne?

Ba rauni ba ne, amma yadda ake faɗinsa yana iya zama rauni. A ce matsakaicin amfani ya kasance tan 1.5, 2.9, 3.9 da 4.2 daga matakin 0 zuwa 120, LSD kuma, wato mafi ƙarancin ratar da za a ɗauka a matsayin bambanci na gaske, 0.45. Ratar da ke tsakanin 80 da 120 tan 0.3 ce, ba ta kai 0.45 ba, don haka gwajin bai tabbatar da bambanci ba. Ɗalibai sukan zame ta hanya biyu. Wasu su rubuta cewa 120 ya fi 80 "duk da cewa bambancin ba shi da ƙarfi", su gina shawara a kan haka. Wasu kuma su ce matakan biyu daidai suke. Duka biyun sun wuce abin da gwajin ya nuna.

Amsar da ta tsaya daidai ita ce: "Farfesa, da maimaici uku da irin bambancin ƙasar da na samu, gwajina ba zai iya rarrabe ratar da ta gaza kilo 450 a hekta ba. Ban ce babu ƙari ba, na ce ƙarin bai kai girman da zan iya tabbatarwa ba." Daga nan mai jarrabawa yakan tambayi dalilin da ya sa aka jera haruffa a gefen matsakaitai alhali matakan taki lambobi ne masu hawa. Yana da gaskiya. Ga irin wannan, zana layin da ke nuna yadda amfani yake tashi sannan ya fara kwantawa ya fi ba da ma'ana, kuma daga lanƙwasar layin ake ƙiyasta matakin da ya fi riba. Wanda bai yi ba ya amince zai ƙara, domin alƙaluman suna hannunsa. Sai dai kada ya ja layin ya wuce 120, tunda bai gwada komai bayan nan ba.

8. Me ake nufi da cuɗanya, kuma me ya sa ake nacewa a kanta?

Cuɗanya tana nufin iri ukun ba su amsa taki iri ɗaya ba. Wataƙila mai saurin nuna ya tsaya cak daga kilo 80, mai daɗewa kuma ya ci gaba da ƙaruwa har 120, domin yana da kwanaki masu yawa na cika tsaba. Idan nazari ya tabbatar da cuɗanya, to matsakaicin da aka ambata a tambaya ta 7 ba zai wadatar ba, kuma tambayar "wane mataki ya fi kyau" ba ta da amsa sai an ce "ga wane iri". Mai jarrabawa yana nacewa ne saboda kundaye da yawa suna sa alamar tauraro a layin cuɗanya a ƙasan jadawali, amma tattaunawar ta ci gaba kamar layin ba ya nan. A shirya jadawalin cuɗanyar amfanin tsaba, a kuma iya bayyana shi da jimla biyu ba tare da duba takarda ba.

9. Damina biyun sun ba da sakamako daban. Ya zan bayyana?

Da jadawalin ruwan sama, amma ba da jimillar shekara ba. Samaru tana samun ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, kuma damina biyu za su iya kusantar juna a jimilla alhali rabonsu ya sha bamban. Masara ta fi jin fari a makonnin da take fitar da fure da gemu: ƙarancin ruwa yana jinkirta fitowar gemu, ƙurar fure ta zube kafin ya fito, goyon ya fita da gurabe babu tsaba. Ɗalibin da zai iya ɗora ranakun fitar gemu a kan ruwan kowane kwana goma ya nuna inda suka haɗu da fari ya ba da dalili na gaske. Idan ya auna ratar kwanaki tsakanin fitar fure da fitar gemu, to yana da hujja daga gonarsa, wadda ta fi ambaton aikin wasu nauyi. A ƙarancin danshi kuma taki ba ya yin aikinsa, shi ya sa ratar da ke tsakanin matakan naitirojin takan ƙanƙance a shekarar fari.

Za a iya tambayar dalilin haɗa shekarun biyu a nazari ɗaya. Haɗawa tana halatta idan girman kuskuren shekarun ya kusanci juna, kuma matsakaicin haɗin yana da ma'ana ne kawai idan taki da iri sun nuna hali ɗaya a shekarun biyu. In ba haka ba, a tattauna kowace damina ita kaɗai.

10. Me zan ce a kan awon ƙasa da kuma CV mai yawa?

A kan ƙasa, a san zurfin da aka ɗebi samfuri, yawan wuraren da aka haɗa, da sunan hanyar da ɗakin gwaji ya bi ga kowane awo, tare da abin da aka shuka a filin a bara. Wannan na ƙarshe yana da nauyi sosai a gwajin naitirojin. Ƙasashen yankin sabana galibi suna da ƙarancin ruɓaɓɓen abu da naitirojin, shi ya sa fulotin da ba a ba taki ba yakan yi rawaya ya tsumbure. Idan kuwa ya ba da amfani mai yawa, za a tambayi dalili, kuma sau da yawa amsar tana cikin tarihin filin: waken suya ko gyaɗa da aka noma a bara, ko ragowar takin wani gwaji.

CV kuwa yana nuna girman bambancin da gwajin bai iya bayyanawa ba idan aka kwatanta da matsakaici. A amfanin tsaba, idan ya haura kashi 20 za a nemi bayani. A faɗi abin da aka gani a gona: wuta-wuta da ta fito a kusurwa ɗaya, kwanciyar ruwa a gangare, gara, ko tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta bayyana a Najeriya a 2016. Bayanin yana karɓuwa idan an rubuta shi a littafin gona lokacin da ya faru. A tuna kuma cewa tsarin da aka bayyana a tambaya ta 3 yana da CV biyu, na babban fuloti yakan fi girma.

11. "Wace shawara za ka ba manomi?" Yaya ake amsawa ba tare da wuce gona da iri ba?

A koma ga alƙaluman tambaya ta 7. Kilo 40 na farko ya ƙara tsaba kilo 1,400, wato kowane kilo na naitirojin ya haifar da kilo 35. Na biyu ya ƙara kilo 1,000. Na uku ya ƙara kilo 300 kacal, kilo 7.5 ke nan ga kowane kilo. Wannan kilo 40 na ƙarshe yana daidai da yuriya kilo 87, kusan buhu biyu masu kilo 50, don a sami buhu uku na masara masu kilo 100, waɗanda ma gwajin bai tabbatar da su ba. Ko hakan zai biya ya dogara ga farashin yuriya a farkon damina, farashin masara da kaka, da kuɗin ƙwadago, don haka a faɗi farashin da aka yi aiki da shi da lokacin da aka ɗauke shi.

Shawarar da aka daɗe ana bayarwa ga masara a wannan yanki ita ce kilo 120 na naitirojin da 60 na fosfaros da 60 na fotash, kuma mai jarrabawa ya san ta sarai. A ganina, ɗalibin da ya ce gwajinsa ya rushe ta ya jawo wa kansa tambayoyin da ba zai iya amsawa ba. Abin da zai iya karewa shi ne: "Malam, a wannan fili da waɗannan damina biyu, ribar taki ta ragu ƙwarai bayan kilo 80. Ga manomin da kuɗinsa bai kai ba, buhunan farko su ne suka fi biya. Kafin a sauya shawarar yanki, sai an maimaita a wurare da dama da kuma gonakin manoma, inda ciyawa da lokacin shuka ba kamar na gonar gwaji ba ne."

12. Idan aka nuna mini kuskure na gaske, ko aka yi tambayar da ban san amsarta ba fa?

A bari mai tambaya ya gama, a rubuta abin da ya ce, a numfasa kafin a amsa. Idan tambayar ba ta fito ba, babu laifi a ce, "Ranki ya daɗe, idan na fahimta, kina tambayar dalilin da ya sa ban auna naitirojin da ke cikin ganye ba ne?" Idan ba a sani ba, a faɗi iyakar abin da aka sani: "Ban auna wannan ba, saboda haka ba zan iya tabbatarwa ba. Abin da nake zato, bisa ga faɗin ganyen da na auna, shi ne kaza." Rarrabe abin da aka auna da abin da ake zato yana ƙara wa ɗalibi kima a idon kwamiti.

Idan kuskure ne, a karɓa, sannan a faɗi abin da zai taɓa da abin da ba zai taɓa ba. Misali, gyaran da aka ambata a tambaya ta 4 ba zai sauya matsakaitai ba, amma zai iya sauya hukuncin ko bambancin ya tabbata. Kada a juya a dubi mai duba aiki don neman ceto, kada kuma a ce "wanda ya yi mini nazarin ne ya yi haka", domin wannan jimla tana sa a yi shakkar dukan babin sakamako. Haka nan idan shanu sun cinye fuloti ɗaya, a faɗa, a bayyana cewa an ɗauke shi a matsayin wanda ya ɓace kuma an rage ɗaya daga lambar df ta kuskure. Cike gurbin da lambar da aka ƙirƙira ba tare da bayani ba laifi ne da ya fi asarar fulotin girma.

13. Me ke biyo baya idan an gama?

Za a nemi ɗalibi ya fita, kwamitin ya tattauna, sannan a kira shi a faɗa masa hukunci. Mafi yawan lokuta ana amincewa da kundin bisa sharaɗin gyara, ƙarami ko babba, da wa'adin da makarantar karatun gaba da digiri ta tsara. A roƙi aboki ya rubuta duk abin da aka ce a gyara idan an yarda ya zauna, a kuma karɓi kwafin da masu jarrabawa suka yi rubutu a ciki. Sai a yi jadawali mai nuna kowane gyara, shafin da yake, da abin da aka yi a kansa, a kai wa mai jarrabawa na cikin gida ko duk wanda aka ɗora wa tabbatar da gyaran. Idan an sake nazarin alƙaluma, a bi taƙaitaccen bayanin farkon kundi da babin shawarwari layi bayan layi, domin a nan ne tsofaffin lambobi suke yawan maƙalewa bayan an sauya jadawalin.